Ruwa ya ɓata mini kaya a kwantena, yaya zan rubuta wa kamfanin inshora?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Hankalina a tashe yake. Kwana takwas ke nan da kwantenata ta iso sito, dila 200 na yadi, kuɗinsu dala 50,000, inshorarsu kuma dala 55,000. Yarona ne ya sa wa direba hannu da dare, ba mu buɗe ba sai washegari, sai muka tarar dila 38 sun jiƙe. Safiyo, mai tantance ɓarnar kaya, ya zo ya duba, rahotonsa ya ce dila 8 ba su da sauran amfani, 30 kuma darajarsu ta faɗi da kashi 40 cikin ɗari. Ina da hotuna da yawa. Ejan ɗina ya ce tunda akwai rahoto da hotuna, biya dole ne, ba ruwana da masu jirgi, har ma yana cewa in rubuta dila 60 don in an rage mini in tashi da nawa. Rabin kayan nan bashi ne a kaina. Yaya zan tsara wasiƙar don kada a ƙi biyana?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya mayar da alheri. Wasiƙar kamfanin inshora za ta iya jiran gobe, amma akwai wata da ba za ta jira ba, kuma ita ce wadda ejan ɗinka ya ce ka manta da ita. Kafin ka gama karanta wannan amsar nake so ka sa a rubuta wa kamfanin jirgin, da kuma kamfanin motar da ta ɗauko kwantenar daga tasha zuwa sito. Layi biyar ya isa: lambar takardar lodi, lambar kwantena, ranar da aka kawo, cewa an tarar da dila 38 a jiƙe, cewa ka ɗora musu alhakin asarar, kuma kana gayyatarsu su turo nasu safiyon ya gani da idonsa. A tura ta imel yau ɗin nan, a kai takardar ofishinsu a buga mata tambarin karɓa a kan kwafinka.

Zan daɗe a kan wannan, don ba a yin mako ban ci karo da shi ba. Maganar nan ta "ina da inshora, ba ruwana da masu jirgi" ta cinye wa 'yan kasuwa kuɗi fiye da ruwan da ke shiga kwantena. Masu yaɗa ta kuwa su ne dai waɗanda aikinsu ya ƙare da zarar mota ta fita daga get, mutanen da ba su taɓa zama da ma'aikacin sashen diyya ba, ba su taɓa juya bayan takardar inshora sun karanta ƙananan rubutun da ke wurin ba. Sun iya fitar da kaya daga tasha, wannan ba na musu. Amma fitar da kaya sana'a ce dabam, neman diyya ma sana'a ce dabam.

Ga yadda abin yake. Kamfanin inshora in ya biya ka, ba ya ɗaukar abin a matsayin asarar da ta tafi ke nan. Yana gadar haƙƙinka ne, ya tsaya a matsayinka ya bi wanda ya ɓata kayan don ya maido wani abu daga cikin abin da ya ba ka. To amma ba zai gaji abin da ya fi wanda kake da shi ba. In ka riƙe haƙƙinka a kan masu jirgi, shi ma ya samu. In ka sake shi ya zube, hannu wofi zai je musu. Shi ya sa sharuɗɗan inshorar kaya na Landan, waɗanda kusan duk duniya ke aiki da su, na 1982 da sabuntarsu ta 2009, suka ɗora wa mai kaya nauyi biyu a sashe na 16. Na farko ya yi abin da hankali zai ɗauka don rage asarar. Na biyu ya tabbatar ya kare duk wani haƙƙin da yake da shi a kan masu ɗaukar kaya da masu ajiyarsu. Wannan na biyun ba alfarma ce kake yi wa kamfanin ba, yana cikin abin da ka amince da shi ranar da aka yanka takardar. In ka yi sakaci da shi har kamfanin ya rasa abin da zai karɓo, yana da bakin da zai ce zai cire gwargwadon haka daga diyyarka. Na ga an yi, ba sau ɗaya ba.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta sa nake gaggauta ka. Yawancin takardun lodin jirgin ruwa suna tafiya ne a kan dokokin Hague na 1924 ko gyaransu na Hague-Visby na 1968. A ƙarƙashinsu, ɓarnar da ido ke gani ana sanar da ita a rubuce ne lokacin karɓar kaya, wadda take ɓoye kuma cikin kwana uku. In ƙasar da abin ya shafa tana bin dokokin Hamburg na 1978, ɓoyayyar ɓarna tana da kwana 15, ka ga kana ciki har yanzu. Bayan takardar lodinka ne zai gaya maka wacce ce ke kanka. Akwai kuma wani abin da mutane ba sa lura da shi: in takardar lodin daga tasha zuwa tasha take, masu jirgi za su ce sun damƙa maka kaya tun ranar da kwantenar ta fita daga get, don haka daga ranar suke ƙirge, ba daga ranar da ka ga damar yanke sil, wato hatimin da ke kulle ƙofar kwantena, a sitonka ba.

Kada wannan ya karya maka gwiwa. A dokokin Hague, wucewar kwana ukun ba ta kashe haƙƙinka. Abin da take yi shi ne ta juya nauyin hujja: ana ɗauka cewa an ba ka kayan lafiya kamar yadda takardar lodi ta faɗa, sai in kai ne ka kawo shaidar da ta nuna ba haka ba ne. Shaidar kwana takwas kuwa ta fi ta kwana talatin ƙarfi, shi ya sa na ce yau. Da a jirgin sama kayan suka zo, da labarin ya fi haka zafi, don yarjejeniyar Montreal ta 1999 kwana 14 ta bayar, kuma wanda ya wuce su bai yi ƙorafi a rubuce ba, ƙararsa ta faɗi sai in an yi masa zamba.

Yanzu sa hannun yaronka. Wannan takardar da direba ya miƙo da dare, yana ƙorafin yana da wani lodi da asuba, ita ce takarda mafi arha a duk cinikin, kuma sau da yawa ita ce mafi tsada. Galibi akwai layi a ƙasanta da ke cewa an karɓi kaya cikin kyakkyawan yanayi. Yaro ya sa hannu bai rubuta komai ba, ma'anarsa gidanka ya shaida cewa har zuwa wannan sa'ar babu matsala. Ka dubi abin da idon ma'aikacin diyya. Inshorar tafiya tana ƙarewa ne da zarar an gama sauke kaya daga mota a sito na ƙarshe, ko bayan kwana 60 da sauke su daga jirgi, duk wanda ya riga. Ga takarda a gabansa tana cewa kaya sun iso lafiya, ga wasiƙa tana cewa sun jiƙe. Tambayar farko da za ta zo masa ita ce, ina aka san ba a sitonka ruwan ya same su ba? Ba mugunta ce ta sa shi tambayar ba, aikinsa ke nan, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya kamata yaron ya yi bai fi minti goma ba. Ya zagaya kwantenar da tocila, ya dubi rufin da kusurwoyi da robar bakin ƙofa, ya gwada lambar sil da wadda ke kan takardar lodi, sannan ya rubuta da biro a kan takardar direba cewa an karɓi kwantena a rufe, ba a duba abin da ke ciki ba. In ya ga lotsawa ko tsatsa ko ruwa na ɗiga ta ƙasan ƙofa, ya rubuta hakan, direba ya sa hannu a gefe. Direban zai yi gunaguni, ya yi ta yi. Wannan ya wuce maka a wannan karon, amma ka tara yaran sitonka ka koya musu, don wata kwantenar na hanya.

Abin da zai cece ka yanzu shi ne kayan sun zo a kwantena mai sil, kuma kowa ya san ba a ganin cikin kwantena sai an buɗe. In kana da hoton sil ɗin kafin a yanke shi, ko sil ɗin kansa yana nan a ajiye, ka riƙe shi da kyau. Ka kuma nemi takardar da ake cikewa a bakin get ta yanayin jikin kwantena, ta ranar da ta fita da ta ranar da aka mayar da ita wofi. In ɗaya daga cikinsu ta ambaci huda ko lotsawa a rufi, ka samu shaidar da ba daga bakinka ta fito ba, irinta kuwa ta fi hoto ɗari. In kuma ba a mayar da kwantenar ba tukuna, kada a mayar sai safiyo ya shiga ciki an rufo masa ƙofa da rana tsaka. Duk inda haske ya leƙo, nan ruwa ya bi. Na taɓa bin wani fayil inda aka mayar da kwantena a rana ta biyu don gudun kuɗin jinkiri, kafin safiyo ya iso har an gyara rufinta an sake loda ta ta tafi. Mai kayan ya rantse ya ga hudar da yatsa zai shiga, amma babu hoto, babu rubutu, kuma rantsuwa ba ta shiga fayil. Da ƙyar aka sasanta a kan ƙasa da rabin abin da ya cancanta.

Ɗaya rabin maganar ejan ɗin, wai rahoto da hotuna sun sa biya ya zama dole, ita ma ba haka take ba. Ka duba ƙarshen rahoton, za ka ga safiyon ya rubuta cewa ya bayar da shi ne ba tare da ɗora wa kowa alhaki ba, kuma bisa sharuɗɗan takardar inshora. Shi aikinsa ya faɗi abin da ya lalace, da yawansa, da abin da yake ganin ya jawo. Ko wannan sanadin yana cikin abin da aka yi wa inshora, wannan takardar inshorarka ce za ta faɗa. Don haka ka ɗauko ta ka ga wane harafi ne a jiki. In sharuɗɗan A ne, sun rufe kowane haɗari in ban da waɗanda aka ware. In na B ne, shigar ruwan teku ko na kogi ko na tafki tana ciki, ruwan sama ba ya ciki. In na C ne, jiƙewar kaya ba ta ciki sam, sai in ta biyo bayan babban haɗari irin gobara ko karo ko nutsewar jirgi. Ina faɗin haka ne don wanda ya sayi kaya a kan tsarin CIF, wato farashin da ya haɗa kuɗin kaya da inshora da jigila, mai sayarwa ne ke yanka masa inshora, kuma ƙa'idar cinikin ba ta tilasta masa fiye da C ba sai in kun yi yarjejeniyar haka. Mutane da yawa ba sa sanin C ne a hannunsu sai ranar kuka.

Daga nan ka koma sakin layin da safiyo ya yi maganar sanadi, ka karanta shi sau biyu, don a kansa za a yi ko a fasa. Ruwa iri uku ne ke ɓata kaya a kwantena, kowanne da sawunsa. Wanda ya shigo ta huda yana jiƙa wuri guda, daga sama zuwa ƙasa, daidai ƙarƙashin hudar. Wanda ya taso daga ƙasa, kamar in kwantena ta zauna cikin ambaliya a tasha, yana barin layi a jikin dilolin da ke ƙasa, duk a tsayi ɗaya. Na uku shi ne gumin kwantena, wato danshin da ke cikin kayan ko katakon da aka ɗora su a kai ya tashi da zafi, ya taru a rufi da sanyin dare, ya riƙa ɗigowa a kan layin sama baki ɗaya. Wannan na ukun shi ne mai rigima ko a sharuɗɗan A, don kamfani zai iya cewa laifin kayan ne da kansu ko laifin yadda aka ɗaure su, kuma duka biyun suna cikin abubuwan da aka ware a sashe na 4. Safiyon da ya san aikinsa yakan jiƙa ɗan yankin yadin a ruwa mai tsafta ya ɗiga masa sinadarin silba naitiret. In ruwan ya yi fari kamar gajimare, akwai gishiri, alamar ruwan teku ke nan. In rahotonka bai ce komai a kan wannan gwajin ba, ko ya tsaya a kan cewa ruwa ne ya taɓa kayan kawai, ka koma wa safiyon ka nemi ƙarin bayani a rubuce kafin ka aika. Ka kuma tabbatar shi ne safiyon da takardar inshorar ta ce a kira, ko wakilin da ta ambata, don in wani ne ejan ya kawo, kamfani na iya cewa bai san shi ba ya turo nasa.

To, ga lissafin, don wasiƙar da ba ta da adadi ba neman diyya ba ce, ƙorafi ne. An yi wa dila 200 inshorar dala 55,000, wato kuɗin kaya da ƙarin kashi 10 cikin ɗari kamar yadda aka saba, don haka kowace dila tana kan dala 275. Da wannan ake lissafi, ba da farashin da ka so ka sayar ba. Dila 8 da suka tashi aiki, 8 sau 275, dala 2,200. Dila 30 kuwa, kashi 40 ɗin da safiyo ya faɗa ya samo shi ne ta gwada abin da lafiyayyar dila za ta yi a kasuwar da kayan suka sauka da abin da jiƙaƙƙiyar za ta yi, sai a ɗora wannan kason a kan kuɗin inshora. Kashi 40 na 275 shi ne 110, sau 30, dala 3,300. Jimilla dala 5,500. In takardarka tana da kason farko da ke kan mai kaya, a cire shi. Mu ƙaddara rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari na kuɗin inshorar duka, wato dala 275, saura 5,225. Sai ka ƙara kuɗin safiyo, wanda akan mayar wa mai kaya in an amince da diyyar, da abin da ka kashe wajen ware jiƙaƙƙun da shanya su don kada ruma ta kama sauran, kowanne da rasit ɗinsa. Dilolin nan 30 naka ne, ka sayar da su a yadda suka samu, amma sai kamfanin ya ce ya gama da su. Guda 8 ɗin ma kada a zubar ko a rabar kafin a ba ka izini a rubuce, don in an biya ka cikakken kuɗinsu, abin da ya saura a jikinsu na kamfani ne.

Ita wasiƙar kanta ba ta wuce shafi ɗaya ba. Za ka rubuta ta da harshen da takardar inshorar take, zuwa ga ofishin ko wakilin da aka ambata a jikinta don biyan diyya. Ga abin da za ta ƙunsa:

"Neman diyya a kan takardar inshora mai lamba kaza. Jirgi kaza, tafiya mai lamba kaza, takardar lodi mai lamba kaza, kwantena mai lamba kaza, sil mai lamba kaza.

An sauke kwantenar daga jirgi ranar kaza, ta fita daga tasha ranar kaza, ta iso sitonmu ranar kaza da dare da sil ɗinta a jiki. Ma'aikacinmu ya sa hannun karɓa ba tare da an buɗe ta ba. Washegari da aka buɗe, an tarar da dila 38 daga cikin 200 a jiƙe. Mun tsayar da sauke kaya, mun ware waɗanda suka jiƙe, mun kira safiyo, ya duba ranar kaza.

Rahotonsa mai lamba kaza ya nuna sanadin ɓarnar kaza ne, dila 8 asara ce gaba ɗaya, dila 30 sun ragu da kashi 40 cikin ɗari. Bisa haka muna neman dala 5,500, a cire kason da ke kanmu, a ƙara kuɗin safiyo da na rage asara, kamar yadda lissafin da ke haɗe ya nuna.

Mun rubuta wa kamfanin jirgi da na mota ranar kaza mun ɗora musu alhaki, kwafin yana haɗe. Kayan suna nan a sitonmu ga duk wanda kuke so ya duba. Muna roƙon ku tabbatar mana da karɓar wannan wasiƙa, ku ba mu lambar fayil, ku kuma sanar da mu in akwai takardar da ta rage."

Ka lura na sa maganar sa hannun yaronka a ciki da bakinka. Takardar za ta iso hannunsu ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, kuma gara su ji daga gare ka tare da dalilinsa da su tsinto ta da kansu su fara tunanin me kuma aka ɓoye. Ban sa maganar bashin da ke kanka ba, ban sa shekarun da ka yi kana hulɗa da su ba, ban sa barazanar lauya ba. Wanda zai karanta yana da fayiloli jibge a gabansa, ranaku da lambobi yake nema ya gwada da juna. Kada kuma ka ƙara naka hasashen a kan sanadi. In safiyo ya ce huda ce, ka ce huda ce. Na ga wanda ya rubuta da kyakkyawar niyya cewa mai yiwuwa waɗanda suka sayar masa da kayan ba su naɗe dilolin da leda sosai ba, bai san ya miƙa wa kamfanin sashe na 4 da hannunsa ba.

Abin da za ka haɗa, ka jera su da lamba a ƙasan wasiƙar: asalin takardar inshora, da sa hannun mai sayarwa a bayanta in da sunansa aka yanka ta, sai takardar lodi gaba da baya, takardar farashin kaya, jerin abin da ke cikin kowace dila, rahoton safiyo, takardar direba, takardun get, kwafin wasiƙunka ga masu ɗaukar kaya da duk amsar da suka bayar, rasitai, da shafin lissafi. Ka riƙe kwafin komai, don fayil na ɓata a ofis, kuma in ya ɓata kai za a ce ka sake kawowa.

Hotuna kuwa, yawansu ba shi ne amfaninsu ba. An sha turo mini hoto tamanin na jiƙaƙƙen yadi an matso da kyamara kusa, babu ko ɗaya da zai nuna a wace kwantena ce, ko ma a wace shekara. Ka zaɓi kamar goma sha biyar ka jera su yadda abin ya faru: kwantenar daga waje lambarta na karantuwa, sil kafin a yanke, ƙofa a buɗe kaya na ciki ba a taɓa ba, rufin daga ciki inda ruwan ya biyo, ƙasan kwantenar, dilolin 38 a jere alamominsu na fitowa, sannan na kusa guda uku ko huɗu. Kowanne da lamba da layi ɗaya na bayani da ranar ɗauka. Ka ajiye na asalin a wayar da ta ɗauka, don in an yi ta tura hoto daga waya zuwa waya, bayanin rana da sa'ar da ke cikinsa yakan goge.

Saura maganar dila 60. Alhaji, ka ji tsoron Allah ka kuma ji tsoron aljihunka. Safiyo ya ƙirga 38 ya sa hannu, kai kuma ka rubuta 60, wa kake zaton za a gaskata? Kuma ba ragi za a yi maka a dawo da kai 38 ba, kamar yadda ake yi a ciniki. A dokar Ingila, wadda sharuɗɗan nan na Landan suka ce ita ake bi, wanda ya cusa ƙarya da gangan a neman diyya yana rasa diyyar duka, har da ɓangaren da yake gaskiya, kuma kamfani na iya yanke hulɗa da shi daga ranar. Wato saboda dila 22 na ƙarya ka jefar da dala 5,500 na halal, ga bashi na jiranka. Wanda ya ba ka shawarar ba sunansa ne a kan wasiƙar ba, ba shi za a kira ba, kuma ranar da abin ya fashe zai ce shi wasa yake yi. Mutumin da zai ce ka yi wa kamfanin inshora ƙarya, ka zauna ka sake duba lissafin da yake kawo maka kai ma.

In ka aika, ka rubuta wata rana guda a inda ba za ka manta ba: shekara ɗaya cif daga ranar da aka damƙa kayan. A dokokin Hague, in wannan ranar ta wuce ba a shigar da ƙara ba, masu jirgi sun kuɓuta gaba ɗaya, kuma musayar wasiƙu ba ta tsayar da ƙirgen. A na Hamburg shekara biyu ce. In wata tara ya cika kamfanin inshora bai biya ba, ka rubuta wa masu jirgi ka nemi ƙarin wa'adi a rubuce, ka aika wa kamfanin inshorar kwafi.